Mutum Ashirin da Uku a Falle Ɗaya

A wani lungu bayan kasuwar Wunti akwai shagon buga takardu na Alhaji Ɗanlarai. Ya gaje shi daga mahaifinsa, tare da wani tsohon injin yanka takarda da kuma mutumin da ke yankan, Malam Hammawa. Injin na baƙin ƙarfe ne, yana da doguwar wuƙa da ake saukewa da hannu, da wani ƙarfen da ake murɗawa ya danne takarda kada ta motsa. Shekara talatin da huɗu Hammawa ya yi a gabansa, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, kamar an ɗora masa kan wani mutum a jikin wani.

Cikin duk aikin shagon, katin shaida ya fi so. Kafin ya yanka sai ya tsaya yana kallon fuskokin da ke jere a falle. Yakan ce nan ne kaɗai wurin da ya taɓa ganin mahauci da fasto da malamar asibiti kafaɗa da kafaɗa, yini guda, babu wanda ya ce wa wani matsa. Idan ya sauke wuƙa ya raba su, sai ya ɗan ji ba daɗi.

A farkon watan Alhaji ya gaya masa ya yi odar injin yanka mai wuta daga Kano, wanda duk mai yatsa zai iya dannawa, don haka ƙarshen wata ya koma gida ya huta. Ya faɗi maganar yana cin gyaɗa. Hammawa ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. A gidansa na Tirwun akwai matarsa Habibatu da jikoki biyar da 'yarsu ta rasu ta bari, kuma duk daga bakin wuƙar nan suke ci. Bai gaya wa Habibatu ba. Kullum da safe yakan fito kamar yadda ya saba, yana lissafa kwanakin da suka rage.

Ana cikin haka aikin masu keke mai ƙafa uku ya shigo. Shugaban wata ƙungiyar masu keke ta Yelwa, Abdulsalam, ya kawo hotuna da sunayen mutanensa ɗari huɗu da sittin. Ya kawo kuma takardar da za a buga a kai: falle ashirin da biyar na wata takarda mai roba da ba ta yagewa, da wani zane mai sheƙi a duk jikinta, wadda aka yo musu musamman daga Legas saboda masu buga katin jabu. Babu irinta a Bauchi. Ya ce ranar Asabar za a raba katin, daga Litinin kuma duk wanda ba shi da shi ba zai ɗauki fasinja a tasharsu ba. Girman katin daidai da katin banki, domin sun riga sun sayi gidajen roba da za a sa shi a ciki.

Sabitu ne mai kwamfuta a shagon, ƙanen matar Alhaji, mutumin Zungur, mai takardar difiloma da ya manna a bango bisa kansa. Ya jera katunan yadda kowa ke jerawa a babban falle: a kwance, uku a layi, layi bakwai, ashirin da ɗaya ke nan. Da hakan falle ashirin da biyu ya isa, har a yi rara. Sai dai bai san takardar ba. Ya bar injin bugawa a zafin takardar yau da kullum, fallen farko ya fito a nannaɗe kamar ganyen da ya sha wuta, ya sake sa wani, ya sake. Sai da biyar suka lalace ya gano inda ake saitawa.

Saura ashirin. Ashirin da ɗaya sau ashirin, ɗari huɗu da ashirin. Mutum arba'in ba su da wuri.

Alhaji ya yi ta zagi tun hantsi. Ya ce a rage girman katin, Sabitu ya ce zai yi lilo a gidan robar, kuma shugaban ya zo da katin bankinsa ya auna. Ya ce a matse su, Sabitu ya ce ai a matse suke, layin yanka ne kawai a tsakaninsu. Dorcas, wadda ke sa kati a gida tana ɗaura igiya, ta sunkuyar da kai tana aikinta. Hammawa kuwa ya ɗauki ɗaya daga cikin fallayen da suka lalace yana juya shi, ya ce a hankali, shi dai yana ganin farin da ake bari a gefe ya yi yawa.

Alhaji ya juyo ya dube shi, fuskarsa ta saki, irin sakin da take yi idan ya sami abin wasa.

"To ga injiniya ya yi magana. Malam Hammawa, fitar mini da mutum ɗari huɗu da sittin daga falle ashirin. In ka yi, injin Kano ya zo ko kada ya zo, kana nan har ka mutu a kan wuƙarka. Dorcas, ke shaida ce."

Sabitu ya yi dariya, ya ce Baba ko kunna kwamfuta bai iya ba. Hammawa ya tashi ya fita. Ya je wurin mai shayi ya karɓo kwalin sukari, ya auna da rula, tsawo milimita tamanin da shida, faɗi hamsin da huɗu, ya yanka guntaye ashirin da biyar. Ya shimfiɗa fallen a ƙasa, ya zauna a gabansa kamar mai duba.

Ya kwantar da su: ashirin da ɗaya, ga wani fari mai faɗin yatsa biyu yana bin gefe tun daga sama har ƙasa, ba ya cin kati ko ɗaya. Ya kwashe ya tsayar da su: biyar a layi, layi huɗu, ashirin. Ya ragu da ɗaya ma. Alhaji ya leƙo ya ce a haka za a kai ga goma kafin la'asar. Amma Hammawa ba katunan yake kallo ba, farin da ya rage a ƙasansu yake kallo, mai faɗin yatsa huɗu. Kati ba zai tsaya a ciki ba. Ya daɗe yana kallonsa, har tunaninsa ya tafi gida, ga tabarmar da jikokinsa ke kwana a kai. Huɗu Habibatu ke jerawa a tsawon tabarmar, ƙaramar kuma ta kwantar da ita a gicciye a wajen ƙafafunsu, in ba haka ba tabarmar ba ta isa.

Ya ɗauki guntu uku ya kwantar da su a wajen ƙafafun ashirin ɗin. Suka shiga, har da sauran fari kamar faɗin farcen babban yatsa a sama da ƙasa, wanda ya ishi injin bugawa, domin ba ya kai tawada har bakin takarda.

Dorcas ce ta ƙirga da ƙarfi. Ashirin da uku. Ta ɗauki biro ta buga a bayan hannunta, ashirin da uku sau ashirin, ta ce ɗari huɗu da sittin ne cif, ko ɗaya babu rara.

Hammawa ya zauna kusa da Sabitu yana nuna masa da yatsa a gilashin kwamfuta, nan a tsaye, nan a kwance. Ya yi masa bayanin abu biyu, ya maimaita. Na farko, wuƙa ba ta san kwana ba, ba ta tsayawa a tsakiya, daga baki take zuwa baki, don haka sai an fara cire ukun da ke kwance da yanka ɗaya kafin a taɓa sauran. Na biyu, wannan jeri yana da kai yana da ƙafa. A jerin ashirin da ɗaya, da yake a tsakiyar falle yake kuma duk kati iri ɗaya ya kwanta, ko an juya wani falle kai ya koma ƙafa, layukan yanka suna haɗuwa, babu abin da zai faru. A wannan kuwa dole kowane falle ya fuskanci inda 'yan'uwansa suka fuskanta. Sabitu ya ce ya ji.

Ranar Alhamis aka buga duka ashirin, ko ɗaya bai ɓaci ba. Ranar Juma'a da safe Abdulsalam ya leƙo, Hammawa ya ɗauki falle ɗaya ya yanka a gabansa don gwaji. Kati ashirin da uku suka fito sumul, abin da aka zubar bai cika tafin hannu ba. Abdulsalam ya sa ɗaya a gidan roba, ya zauna daram. Da ya tambayi sauran fallaye biyar, Alhaji bai ɓoye ba, ya ma ji daɗin tambayar. Ya jawo Sabitu ta kafaɗa ya tsayar da shi a tsakiyar shago, ya ce ga wanda ya gasa su. Ya ce shekara biyu aka yi ana kai masa shinkafa makaranta, ga shi tsoho da kwalin sukari ya kayar da shi. Ya cire difilomar daga bango ya miƙa wa Hammawa, ya ce ya auna ya ga kati nawa za ta fitar. Ya ce idan damina ta faɗi zai mai da Sabitu Zungur, wataƙila a jeren kunyar gona ya fi gwaninta. Abdulsalam ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Hammawa ya mai da takardar bango da kansa, ya ce ai yaron ya yi ƙoƙari, shi ya jera a kwamfuta. Wannan maganar ta fi duk sauran ƙona Sabitu, domin a gaban baƙo aka ce masa yaro.

Bayan tafiyar shugaban, Hammawa ya bi fallaye goma sha taran ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar duk ukun kwance suna ƙasa. Ya bubbuga su a tebur bakinsu ya daidaita, ya ajiye a kan injin, ya ɗora musu guntun ƙarfen da ya saba ɗorawa. A shekara talatin da huɗu babu wanda ya taɓa ɗaga ƙarfen nan sai shi. Lokacin masallaci ya yi, ya bi bayan Alhaji. Sabitu ya ce su yi gaba, zai kashe janareta ya biyo su.

Dorcas tana ɗakin ciki tana yanka igiyoyi, ƙofar a buɗe kaɗan. Ta ga Sabitu ya ɗaga ƙarfen, ya zare fallaye daga tsakiya, ɗaya nan, biyu can, ya juya su kai ya koma ƙafa, ya mayar. Ya bar na sama da na ƙasa yadda suke. Ya bubbuga, ya ɗora ƙarfen daidai inda yake. Da ya juyo suka haɗa ido, ya tsaya yana kallonta har ta mai da kanta ga almakashi. Ita ma da wannan aikin take riƙe da 'ya'ya biyu, kuma ta san gidan da Sabitu ke cin tuwon dare.

Hammawa ya dawo da fara'a, har ya sayo wa Dorcas rake. Ya ga ƙarfensa a inda ya bar shi. Ya dubi fallen sama, ga ukun kwance a ƙasa. Takardar fara ce a baki ta kowane gefe, ba abin da ido zai gani. Bai sake bin su ba, domin ya riga ya bi, kuma duk rayuwarsa juyin falle bai taɓa ɓata masa aiki ba. Dorcas ta buɗe baki, ta ga Sabitu a bakin ƙofa yana kaɗa makulli, ta rufe.

Ya murɗa madannin, ya yi bismillah, ya sauke wuƙa. Ya ajiye zirin ukun a gefe. Ya datse farin gefe, ya raba layuka huɗu, ya raba kowane layi biyar. Sautin wuƙar ɗaya ne, ko ta bi layi ko ba ta bi ba. Sai da ya gama ya ɗauki ƙulli na farko ya baza a tafin hannunsa kamar mai karta.

Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na uku, sama kan wani mutum ne a kife, ƙasa kuma gangar jikin wani mutumin ce daban da sunansa, ita ma a kife. A fallayen da aka juya, wuƙar ta faɗa wa kowane kati a wuri ɗaya, faɗin kati ɗaya daga samansa, kuma a nan ne daidai haɓar mai hoton ta ƙare. Ta bi wuyan kowa. Masu gemu da marasa gemu, masu hula da masu sanƙo, duk a wuya. Ukun da ke kwance kuma ta tsaga su ta wani wajen. Falle bakwai aka juya, mutum ɗari da sittin da ɗaya.

Hammawa ya tsaya da katunan a hannu, leɓensa yana motsi. Ya ce ya bi su, wallahi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sabitu ya matso ya ɗauki ɗaya, ya girgiza kai, ya ce ai Baba da bakinsa ya ce dole su fuskanci wuri ɗaya, tsufa dai ba ta da magani.

Alhaji bai yi zagi ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Ya aiki Sabitu ya kira Abdulsalam a waya daga waje. A nan Dorcas ta kasa riƙewa. Ta durƙusa a gaban teburin Alhaji, murya ƙasa-ƙasa, ta faɗi abin da ta gani, har yadda aka bar na sama da na ƙasa. Hammawa yana tsaye yana ji, ya ɗago kai a karo na farko.

Alhaji ya gama sauraro, ya ce, "Dorcas, kin ɗauka ban san ƙanen matata ba? Tun da na ga katin farko na san hannunsa ne."

"To, Alhaji..." in ji Hammawa.

"To me? Wa ya sauke wuƙa? Shugaba zai zo yanzu yana neman wanda zai ci. In ba shi Sabitu, wa zai sake buga mini katunan idan takarda ta zo daga Legas? Kai? Da kwalin sukari?" Ya juya ga Dorcas. "Ke kuma da kin gani, me ya hana ki faɗa kafin a yanka? Tashi ki koma kan igiyoyinki, kada in tuna da wannan."

Hammawa ya tuna masa alkawarin, ya ce ai jerin ya yi, an gani a fallen gwaji. Ya ce shi ne ya riƙa goya Alhaji a shagon nan yana ƙarami, lokacin marigayi. Alhaji ya ce kati ɗari huɗu da sittin ya nema, ba a ba shi ba, jerin kuwa yana cikin kwamfutar shago, na shago ne, kuma ya gode.

Da Abdulsalam ya zo ya ga abin, ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban mutum ɗari da sittin da ɗaya ya ce musu ba aiki ranar Litinin ba, sabuwar takarda kuma sai bayan mako biyu. Ya ce wanda ya yi ɓarnar ya gaya musu da bakinsa. Alhaji ya ce wannan shi ne adalci.

Ranar Asabar da hantsi lungun ya cika da keke har bakin titi. Sabitu zai iya fitar da sunayen waɗanda katinsu ya ɓaci daga kwamfuta cikin minti biyu, amma Alhaji ya ce a'a, kowa ya zo ya ga nasa da idonsa. Ya sa aka datse guntayen, aka zuba kawunan a kwano ɗaya, jikkunan a wani, aka fito da tebur waje, aka zaunar da Hammawa a bayansa. Kowane mutum ya faɗi sunansa, tsohon ya nemo jikinsa, sannan ya tona kwanon ya nemo kansa. Duk riga iri ɗaya suka sa a hoton, rigar ƙungiya, don haka kowane kai yana hawa kowane jiki. Sai ya ɗago ya kalli fuskar mai zaginsa sosai kafin ya gane wanne ne nasa.

Wani ya ce wannan ba kuskure ba ne, asiri ne, an yanka su a takarda don su mutu a titi, ya tofa wa guntun addu'a ya tofa wa teburin yawu. Wani ya ɗora kan abokinsa a jikin shugaba, aka yi dariya, dariyar ta koma kan tsohon. Wani ya cire masa hula ya ɗora a kan madubin kekensa. Alhaji yana zaune a inuwa yana ba mutane haƙuri, yana cewa tausayi ne ya sa ya riƙe tsohon har yanzu, idonsa ya daɗe da tafiya.

Wani mai suna Jesse, dogo mai sanyin murya, bai yi zagi ba. Ya karɓi kansa da jikinsa ya haɗa su a tafin hannu, ya ce, "Baba, keken ba nawa ba ne. In na ajiye shi mako biyu, mai shi zai ba wani. Me na yi maka?"

Hammawa ya dube shi. Ta cikin taga yana hango Sabitu a gaban kwamfuta, da Dorcas da ta juya wa tagar baya. Ko ya faɗi sunan Sabitu, babu wanda zai goyi bayansa, kuma Dorcas ma za a kore ta tare da shi. Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗana. Ka yafe ni."

Sai bayan azahar kwanukan suka ƙare. Alhaji ya ce ba sai ya jira ƙarshen wata ba, Sabitu zai riƙa lallaɓa tsohon injin kafin sabon ya iso. Hammawa ya shiga ya ɗauki buta da rularsa. Sabitu ya ce rular ta shago ce, ya ajiye ta.

Ya fito titi ba hula, ya tsaya inda ake samun keken Tirwun. Na farko ya rage gudu, direban ya dubi fuskarsa, ya wuce. Na biyu ya tsaya har Hammawa ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya ja keken gaba kaɗan, ya sake tsayawa, ya sake ja, fasinjojin baya suna dariya ba su san dalili ba. Labarin ya riga shi zuwa kowace tasha, har waɗanda ba 'yan ƙungiyar ba sun ji. Bayan na shida ya daina ɗaga hannu. Ya kama gefen titi da ƙafa, butar tana bugun gwiwarsa, yana ta juya yadda zai fara gaya wa Habibatu, kuma har ya wuce gidajen ƙarshe na cikin gari bai sami kalmar farko ba.